Da wane misali zan fara kafin in taƙaita musu babin?

Danladi_Dang: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina shekara ta uku a sashen tattalin arziki nan Ngaundare, kuma duk Asabar nakan zauna da ƙanwata da ƙawayenta huɗu 'yan shekarar farko muna bita. Babin da ke gabanmu shafi 16 ne a polikop, wato takardun darasin da ake raba wa ɗalibai, kan abin da ake kira kudoportinite a Faransanci. So nake in mayar da shi shafi 2, amma kafin in fara yanka na ce bari in ba su misali da Hausa. Na ce: kina da sefa 500, ko ki ci shinkafa da wake ko ki sa kati a waya. Kin sa kati. Me katin ya ci miki? Duk su biyar suka ce 500. Na juya tambayar sau uku, amsa ba ta canza ba. Ni shinkafar nake jira su ce. Ina kuskuren yake, misalin ne ko ni? Kuma da wane suna zan kira abin da Hausa?

Uwar_Biyu: Wa alaikumus salam. To ai gaskiya suka faɗa maka, ɗana. Ka tambaye su kuɗin kati, sun gaya maka kuɗin kati.

Baban_Hanifa: Ka ba su karin magana kawai. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Komai ka samu da abin da ka biya.

Malam_Garwa: Wa alaikumus salam. Na yi shekaru ina koyar da wannan babi, kuma na taɓa faɗawa ramin da ka faɗa. Matsalar misalinka ita ce ka sa kuɗi a tsakiya. Da zarar akwai farashi a rubuce, hankalin yaro yana manne masa, ba zai waiwayi kwanon shinkafar da ba a ci ba. Nemi abin da ba shi da farashi a goshinsa, wanda kuma ba ya rabuwa gida biyu: yini ɗaya, fili ɗaya, kasko ɗaya a kan murhu ɗaya. A nan ba 500 ɗin da za su fake da ita, dole su nemo abin da aka bari.

Baban Hanifa, karin maganarka ta wahala ce. Gudun da mafarauci ya sha abu ne da ya kashe da jikinsa. Abin da Danladi ke nema shi ne noman da mafaraucin bai yi ba a ranar da ya bi zomo. Idan karin magana ake so, taura biyu ba ta taunuwa ta fi kusa.

Baban_Hanifa: Na karɓa, Malam. Amma gudun ma ai tsada ne.

Malam_Garwa: Tsada ne, kuma yana da wurinsa a babin. Ba shi ne wanda yaran suka kasa gani ba.

Mai_Moto_Pitowa: Ni ban yi jami'a ba amma ina jin abin nan na san shi. Acaɓa nake yi tsakanin Garwa da Pitowa. Ranar Lahadi, ranar kasuwar Pitowa, idan Allah ya yarda nakan haɗa 9,000. Wata Lahadi aka yi sunan ɗan yayata, ban fita ba sam. Ban kashe komai a wurin sunan ba sai goro na 1,000, amma da dare ina kwance na san ba 1,000 kaɗai ta fita ba. Da Talata aka yi sunan nan ko a jikina, don Talata da kyar ake haɗa 5,000.

Danladi_Dang: Yaya Mai Moto, wallahi wannan ya fi nawa. Suna ɗaya, goro ɗaya, amma tsadarsa ta bambanta da rana. Zan ce musu sunan ya ci 9,000 da 1,000, wato 10,000.

Yar_Marwa: Tsaya, Danladi. Man fetur fa? Ranar da bai fita ba ai bai sha mai ba.

Mai_Moto_Pitowa: Haka ne. Ranar kasuwa man yakan kai 3,000. Sannan moton ba nawa ba ne, ina ba mai shi 2,500 kullum.

Yar_Marwa: To a cire duka biyun. 9,000 a cire 5,500, saura 3,500. Ita ce ta tsere masa.

Mai_Moto_Pitowa: A'a ƙanwata, 2,500 ɗin nan ko na fita ko ban fita ba sai na biya. Haka muka yi da maigidana, sai dai in ciwo ne ko moto yana gareji. Ranar sunan ma daga aljihuna na cika masa.

Malam_Garwa: Madalla. Danladi, rubuta wannan musayar yadda take, don a ciki aka yi kuskure biyu da ɗalibai ke yi a jarrabawa kowace shekara. Na farko naka: ɗaukar cinikin gaba ɗaya ba a cire mai ba. Na biyu na 'Yar Marwa: cire abin da bai kamata a cire ba. Ƙa'idar ita ce ka ajiye ranakun biyu gefe da gefe, ranar fita da ranar zama, ka duba abin da ya bambanta kawai. Mai ya bambanta, don an sha a ɗaya ba a sha a ɗaya ba. Kuɗin maigida yana nan a duka biyun, saboda haka ba ruwansa da zaɓin. Abin da aka bari 6,000 ne. Ka ƙara goro 1,000, sunan ya tsaya masa a 7,000. Da a ce yarjejeniyarsu ita ce ranar da bai fita ba ba ya biya, da lissafin 'Yar Marwa ne daidai, 3,500. Ka ga mutum ɗaya, moto ɗaya, amsar ta rataya a kan yadda suka yi da maigidansa.

Dan_Kusiri: Bari in ƙara nawa. Ranar ai ba Pitowa kaɗai ya bari ba. Zai iya yawon cikin gari ya samu, a ce, 4,000 bayan mai. Zai iya zuwa aikin gini ya samu 2,500. To a tara: 6,000 da 4,000 da 2,500, ya yi asarar 12,500.

Uwar_Biyu: Shi mutum nawa ne da zai je Pitowa, ya yi yawon gari, ya ɗauki bulo duk a yini ɗaya?

Dan_Kusiri: Amma duk ya rasa su, Hajiya.

Malam_Garwa: Hajiya ta ba ka amsa. Da bai je suna ba, ɗaya zai yi daga cikin ukun, kuma mai hankali mafi tsoka zai ɗauka. Sauran biyun ko da ya fita ma ya riga ya bar su. Shi ya sa ma'anar da ke cikin littafi take cewa mafi kyau daga cikin abin da aka bari, ba jimillarsu ba. Wannan kalma ta mafi kyau, Danladi, ko da babin zai koma layi ɗaya ne kada ka yanke ta.

Alhaji_Mundu: Ni wannan magana ba ta kwanta mini ba. Mutum ya je sunan ɗan 'yar uwarsa, ya sada zumunci, kuna ce masa ya yi asara. Abin da ba rabonka ba ne ba za ka ci ba. Koya wa yara lissafin da-na-sani ba tarbiyya ba ce.

Mai_Moto_Pitowa: Alhaji, ni ban yi nadama ba. Gobe aka sake suna zan sake zuwa.

Malama_Gidar: Baba Alhaji, da girmamawa, ina ganin kalmar asara ce ta kawo ruɗani, kuma wannan ya dawo da mu tambayar Danladi ta biyu. Ba wanda ya ce zuwa sunan kuskure ne. Mai Moto ya san 6,000 yake ajiyewa, ya ajiye da idonsa buɗe, domin zumuncin ya fi masa ita. Lissafin ma shi ya nuna girman abin da ya yi wa yayarsa. Kuma kafin a yanke shawara ake yinsa, ba bayan aikin gama ya gama ba. Saboda haka ni ba na cewa asara a aji. Tsadar zaɓi nake cewa, ko abin da aka bari.

Alhaji_Mundu: In haka ne da sauƙi, 'yata. Amma har yanzu ba na son a sa wa zumunci farashi.

Malama_Gidar: Ba zumuncin aka sa wa farashi ba, Baba, yinin aka sa wa.

Yar_Marwa: Ni tsadar zaɓi ba ta yi mini ba, sai ka ji kamar kuɗin da ake biya a yi zaɓe. Sadaukarwa fa?

Baban_Hanifa: Sadaukarwa ta yi nauyi. Wanda ya bar shinkafa ya sa kati ba sadaukarwa ya yi ba.

Danladi_Dang: Zan riƙe abin da aka bari tukuna. Yanzu ga babbar damuwata. Babin haka yake: shafi 4 kan buƙatu da ƙarancin abin biyansu, shafi 3 kan zaɓi da abin da aka bari, shafi 2 kan kuɗin da ake gani da wanda ba a gani, shafi 4 kan zanen lanƙwasar nan ta iyakar abin da ƙasa za ta iya samarwa, shafi 1 tarihi, shafi 2 atisaye. Labarin moto ya ɗauki kashi na biyu tsaf. Zanen ne ban ga yadda zai hau moto ba. Su kuma a nan suka fi kuka, me ya sa layin ya lanƙwashe bai miƙe ba.

Sarkin_Noma_Lagdo: Wannan tambayi manomi. Gonata hekta ɗaya ce, kar huɗu kamar yadda muke aunawa a nan. Amma ba ƙasa ɗaya ba ce. Ta sama jigawa ce, yashi, masara ba ta son ta, gyaɗa kuwa tana murna. Ta ƙasa baƙa ce mai nauyi, masara tana yi sosai, gyaɗa ba ta cika 'ya'ya kuma ranar tono sai rabi ya tsinke a cikin ƙasa. In zan ƙara gyaɗa, ba mahaukacin da zai fara da ta ƙasa.

Malam_Garwa: Sarkin Noma ya gama zanen da baki. Bari in sa masa lambobi, na koyarwa ne na zaɓa don su rabu da sauƙi, ba awon gonarsa ba ne. Yanki na 1, jigawa: ko masara buhu 2 ko gyaɗa buhu 4. Yanki na 2: masara 4 ko gyaɗa 4. Yanki na 3: masara 6 ko gyaɗa 3. Yanki na 4, baƙar ƙasa: masara 8 ko gyaɗa 2.

A shuka masara ko'ina, buhu 20 ke nan, gyaɗa babu. A ba gyaɗa yankin farko: masara ta koma 18, gyaɗa 4. An bar buhu 2 an samu 4, wato kowane buhun gyaɗa ya ci rabin buhun masara. A ƙara na biyu: masara 14, gyaɗa 8, yanzu buhu yana cin buhu. A ƙara na uku: masara 8, gyaɗa 11, an bar 6 don a samu 3, kowane buhu ya ci 2. Na ƙarshe: masara babu, gyaɗa 13, an bar 8 saboda 2, kowane buhu ya ci 4.

Ka ba su takarda mai gida-gida, masara a layin tsaye, gyaɗa a na kwance, su sa ɗigo biyar ɗin da hannunsu su haɗa. Za su ga layin ya fara sauka a hankali sannan ya zube. Dalilin lanƙwasar ke nan: ƙasar ba iri ɗaya ba ce, kuma da wadda ta fi dacewa ake farawa. Da yankunan huɗu duk ɗaya suke, miƙaƙƙen layi za a samu. A littafi ƙasa ce guda da ma'aikatanta da injunanta, amma dalilin bai canza ba.

Dan_Kusiri: To a ina zai tsaya? Yanki nawa zai ba gyaɗa?

Malam_Garwa: Zanen ba ya faɗa, sai an kawo daraja. A ce bayan an cire iri da taki da ƙwadago, buhun gyaɗa yana daidai da buhun masara ɗaya da rabi. Yanki na 1 da na 2 sun cancanta, don abin da ake bari rabi ne da ɗaya, ƙasa da ɗaya da rabi. Na 3 yana cin 2, ya wuce. Sai ya tsaya a biyu. Gyaɗa ta yi tsada ta haura buhu 2 na masara, na 3 ya shigo.

Sarkin_Noma_Lagdo: A takarda haka ne, Malam, amma a gona akwai saura. Masarar nan ba duka ta sayarwa ba ce. Buhun da ke rumbuna a watan Agusta, lokacin da hatsi ya yi wuta kuma sabo bai nuna ba, ba farashin kaka zan auna shi da shi ba. Da wane farashi za ka yi lissafin, na Nuwamba ko na Agusta? Sannan ba a maimaita gyaɗa a wuri ɗaya shekara da shekaru, sai an juya. Ga auduga ma ba ku sa ta ba, alhali mu nan ta hanyarta ake samun taki bashi a ƙungiyar manoma.

Malam_Garwa: Ban musa ko ɗaya ba. Wanda zai sayi masara a Agusta in tasa ta ƙare, farashin Agusta ne nasa. Wanda ke da rarar sayarwa da kaka, na kaka ne nasa. Abin da aka bari ba lamba ɗaya ba ce ga kowa. Juyin shuka da auduga kuwa zanen ba ya ɗaukarsu, shekara ɗaya da kaya biyu kawai ya sani. Danladi ya rubuta wannan iyakar a layi biyu a ƙasan zanen.

Uwar_Biyu: Ku bar ni in faɗi nawa, don kashin nan na kuɗin da ba a gani ni ya faru da ni. Na buɗe shagon kayan miya da sabulu a ɗakin ƙofar gidanmu. Duk wata in na lissafa sai in ga ribar 20,000, ina jin daɗi ba na biyan haya. Wani tela ya zo ya ce zai karɓi ɗakin 15,000 a wata. Daren nan ban yi barci ba. Ashe zaman da nake yi daga safe har magariba 5,000 yake kawo mini a wata, sauran ɗakin ne yake kawowa ko ina nan ko ba na nan. Na so in ba shi, maigida ya ce kantocin da muka kashe 60,000 muka buga fa?

Malama_Gidar: Hajiya, labarinki ya cika shafi 2 na babin shi kaɗai. Kantocin kuwa, in ba za su sayu ba, 60,000 ta tafi ko kin zauna ko kin tashi, kamar 2,500 ɗin Mai Moto. In kafinta zai karɓe su 20,000, to 20,000 ce kaɗai za ta shiga lissafi. Me kika yi a ƙarshe?

Uwar_Biyu: Ina nan a shagon. Daga nan nake ganin shige da ficen yara, kuma ban da wani aikin da zan koma.

Malama_Gidar: To wannan ma amsa ce. In ba wani aikin da za ki koma, yininki bai bar komai ba.

Yar_Marwa: Mu koma kan Danladi. Yanzu yana da moto, gona, da shago. Misali uku a shafi 2, ina taƙaitawar? Malam da kansa ya ce a nemi abu ɗaya. Kuma yaran nan 'yan birni ne, wata ba ta taɓa ganin jigawa ba. Ni ina ganin moto zai iya ɗaukar zanen. Awoyin yini ai ba ɗaya ba ne. Safe da yamma fasinja kamar ƙasa, tsakar rana ba kowa. Ɗalibin da ke acaɓa yana karatu, awar tsakar rana zai fara ba littafi, kusan kyauta. In ya ƙara sai ya fara cin awoyin tsada.

Mai_Moto_Pitowa: Gaskiya ne. Daga ƙarfe 12 zuwa 3 a watan Afrilu, a inuwa muke.

Malam_Garwa: Yana aiki, 'Yar Marwa, ban taɓa gwada shi ba. Abin da ke hana ni shi ne kuɗin moto ana ƙirga shi, karatu kuwa da me za a auna a ɗaya layin? In ka ce awoyi, to. In ka ce maki, ka fara ƙirƙira. Buhu da buhu ba gardama. Ni da biyu zan tafi: moto don ma'ana, gona don zane.

Ga yadda zan yanka. Shafi 4 na buƙatu su koma layi uku, tunda yini ɗaya na Mai Moto ya riga ya nuna ƙaranci. Labarin suna da lissafinsa rabin shafi, da kuskuren ukun da aka yi a nan. Bayansa ma'anar da Faransanci kalma da kalma yadda take a polikop, don da ita za su rubuta jarrabawa, kuma bayan labari za ta zo ba gabansa ba. Shagon Hajiya layi huɗu. Shafi na biyu na gona ne da zane. Tarihi layi ɗaya ya isa: ana danganta sunan da Friedrich von Wieser, masanin tattalin arziki ɗan Ostiriya da ya rasu a 1926. Atisayen kada ka taƙaita su, a yi su. In kana son sanin ko misalin ya shiga, kada ka ce su maimaita shi. Canza abu ɗaya, ka ce an mayar da sunan Talata, ko maigida ya yafe kuɗin ranar, ka ga ko amsarsu za ta motsa.

Yar_Marwa: Ni dai ina kan bakana, Malam. Awoyi sun isa awo.

Danladi_Dang: Na dawo daga bitar yau. Na ba su labarin suna ban ambaci sunan darasin ba. Uku suka ce 7,000, ɗaya ta ce 10,000, ƙanwata ta tara duka kamar Ɗan Kusiri har sai da ƙawarta ta tambaye ta mutum nawa ne. Da na mayar da shi Talata da man 2,000, duk suka ce 4,000 har da goro. Na koma kan 500 ɗin makon jiya, ɗaya ta ce shinkafa tun ban rufe baki ba. Zanen ba mu kai ba, magariba ta yi. Amma ɗaya ta yi tambayar da ta tsayar da ni: ta ce ita da ba ta zo jami'a ba aure za a yi mata, ba aiki za ta yi ba, to me ta bari, kuma da me za ta auna shi? Na ce mata sai Asabar.

Malama_Gidar: Kada ka ba ta lamba, Danladi. Tambaye ta ita me take ganin ta bari, ka saurara. Asabar ɗin ƙarfe nawa kuke zama? In da hali ka kira ni in ji amsarta.

Sarkin_Noma_Lagdo: In za ku yi zanen gonar, ka gaya musu buhun gyaɗar da ɓawonta ne ko ɓararriya, don ba nauyi ɗaya ba ne kuma ba kuɗi ɗaya ba.